Yadda ake tace doguwar hirar WhatsApp daga sikirinshot: abin da aka yanke, abin da ya rage, da wanda ya ɗauki alkawari

An turo maka sikirinshot goma sha huɗu na hirar wani guruf, aka ce ka duba ka faɗa wa mutane inda aka kwana. Misalin da za mu bi har ƙarshe ke nan: kwamitin shirya walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya a Badarawa, Kaduna, ɗalibai 24 ne za su sauke, an kwana uku ana musayar saƙo, Ma'ajin kwamitin ne ya ɗauki hotunan daga wayarsa ya turo. Sunayen muƙamai da kuɗaɗen da ke ciki duk na misali ne.

Wahalar aikin ba ta rage tsawon magana ba ce. Wahalarsa ita ce mai taƙaitawa kan ƙara wa magana ƙarfin da ba ta da shi. Wani ya kawo shawara, sai a rubuta an yanke. Wani ya ce "zan duba", sai a rubuta ya ɗauki nauyi. Ranar walima a tashi babu rumfa, kowa yana nuna ɗan'uwansa, takardar da ka rubuta kuma ita ce shaidar da za a ɗauko. Don haka ƙa'idar da komai ke rataye a kanta ɗaya ce: kada layi ya shiga taƙaitawarka sai ka iya nuna saƙon da ya fito daga ciki, da rana da lokacinsa.

Jera hotunan kafin ka karanta komai

Kada ka fara karatu daga hoton farko da ya shigo wayarka, domin wanda ya turo ba lallai ya zaɓe su a jere ba. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka dubi saƙon ƙarshe na kowane hoto da saƙon farko na wanda ke biye da shi. Mai ɗaukar hoto da kyau yakan bar saƙo ɗaya ko biyu su maimaitu a hoto na gaba, wannan maimaicin shi ne ɗinkin da ke nuna ba a tsallake komai ba. Idan hoto na 6 ya ƙare da saƙon 9:02 na dare, na 7 kuma ya fara da na 9:47 babu maimaici, to akwai giɓi. Rubuta shi a gefe: tsakanin 6 da 7, minti 45 babu. Ƙila ba wanda ya yi magana a lokacin, ƙila kuma nan ne aka yi zazzafar gardamar da mai turowa ba ya so ka gani.

Sai ka daidaita ranaku. WhatsApp yana rubuta `Today` da `Yesterday` a tsakiyar hira, kuma waɗannan kalmomi suna nufin ranar da aka ɗauki hoton ne, ba ranar da kake karantawa ba. A yawancin wayoyin Android sunan hoton yana ɗauke da ranar, kamar `Screenshot_20250108-213045`, wato 8 ga Janairu 2025 da ƙarfe 9:30 na dare. Amma da zarar an turo shi a matsayin hoto ta WhatsApp, sunan ya canja. Ka tambayi mai turowa kai tsaye yaushe ya ɗauka. A misalinmu ya ɗauka daren Laraba 8 ga Janairu, saboda haka `Yesterday` Talata 7 ce, inda aka rubuta `Monday` kuma Litinin 6.

Abu na uku, wanda ake yawan mantawa: saƙonnin da ke gefen dama ba su da suna a kansu, domin na mai wayar ne. A nan duk na Ma'aji ne. Wanda bai lura da wannan ba sai ya jingina su ga mutumin da sunansa ya fito a sama. Haka kuma sunayen da kake gani su ne waɗanda Ma'aji ya adana a wayarsa, "Oga Kawo" ko "Maman Biyu", waɗanda bai adana ba kuma lamba ce za ta fito da sunan da mutum ya sa wa kansa bayan alamar `~`. Yi ɗan jadawali a saman takardarka, kowane suna da ainihin mai shi da muƙaminsa a kwamiti. Wanda ba ka gane ba, tambaya. Muƙamin yana da amfani nan gaba, lokacin da za ka tantance wanda maganarsa ke yanke hukunci.

Idan rubutun ya dushe ba ya karantuwa, musamman dogon hoto irin wanda ake ɗauka da `Scroll capture` ko `Capture more`, matsewar da WhatsApp ke yi wa hotuna ce. A sake turo shi ta `Document`, zai zo yadda aka ɗauke shi. In kuwa mai turowa ya yarda, abin da ya fi duk wannan shi ne ya fitar da hirar gaba ɗaya: ɗigo uku na sama, `More`, `Export chat`, `Without media`. Zai ba ka fayil na rubutu mai rana da lokaci da suna a kan kowane saƙo, matsalar giɓi da ta `Yesterday` duk sun kau. Sai dai fayil ɗin ba ya nuna alamomin yatsa da mutane ke dannawa a ƙarƙashin saƙo, don haka kada ka yar da hotunan.

Abin da hoto ba ya nunawa

Ka bi hotunan da sauri karo ɗaya, ba don fahimta ba, don ƙirga ramuka. Saƙon murya rami ne: abin da kawai kake gani tsawonsa ne. Dogon saƙon da ya ƙare da `Read more` rami ne, domin sharaɗi yakan zo a ƙarshen magana. `This message was deleted` rami ne. Saƙon da ke da `Edited` a gefensa an gyara shi bayan turawa, WhatsApp kuma yana ba da minti 15 ne na gyara, saboda haka mai yiwuwa waɗanda suka amsa nan take sun amsa tsohuwar maganar ce.

A hoto na 9 na misalinmu akwai saƙon murya na minti 2 da daƙiƙa 37 daga wani Alhaji, uban ɗaya daga cikin ɗaliban. A ƙarƙashinsa mutum biyar sun jero "Allah ya saka da alheri", "Allah ya ƙara buɗi", "Jazakallahu". Kowa zai gane kyauta ya yi. Amma ta me, nawa, yaushe? Jarabar da ke kama mai taƙaitawa ita ce ya ga ana maganar abinci kafin nan, ya rubuta "Alhaji ya ɗauki nauyin shinkafa". Kada ka yi. Ka ce a turo maka muryar ka saurara da kunnenka. Da aka saurara, abin da ya ce shi ne ya ba da buhu ɗaya mai kilo 25, yana wurin wani mai shago a Kasuwar Barci, a tura yaro ya ɗauko. Ka ga a nan abu biyu ne suka fito: kyautar da aka riga aka yi, da sabon aikin ɗaukowa wanda cikin masu addu'ar nan biyar ba wanda ya ce shi zai yi. In ba a samu muryar ba, layin da za ka rubuta shi ne: saƙon muryar Alhaji na Laraba 4:10 na yamma, ban ji shi ba, da alama gudummawa ce, a fayyace.

Karatu na biyu, da biro

Yanzu ɗauki takarda. Kada ka raba ta gida uku tukuna, wato abin da aka yanke, abin da ya rage, da wanda ya ɗauki alkawari. Ka raba ta bisa batutuwa, domin hirar guruf ba ta tafiya a layi ɗaya: ana maganar rana, wani ya jefo ta kujeru, wata ta turo addu'ar safiya, sai bayan saƙo talatin a dawo kan rana. A misalinmu batutuwan shida ne: rana, gudummawar iyaye, rumfa da kujeru, abinci, lasifika, takardun shaida. Kowane saƙo mai amfani ka ajiye shi ƙarƙashin batunsa da lambar hoto da lokaci da wanda ya faɗa, cikin kalmominsa ba naka ba. Gaisuwa, sitika, amin, saƙonnin da ke da `Forwarded` waɗanda ba su shafi walimar ba, duk ka wuce su. Za ka tarar mafi yawan hirar ta zube a nan.

Ka lura da ɗan akwatin da ke saman saƙo idan mutum ya amsa wata magana ta baya. "Na yarda" da ke ƙarƙashin maganar kujeru ƙila amsar maganar rana ce ta awa biyu da suka wuce, akwatin ne zai nuna maka. In babu akwati kuma batutuwa biyu na gudana a lokacin, wannan "na yarda" ba ta kowa ba ce, kada ka ƙirga ta.

Sai ka gama tara kowane batu wuri ɗaya sannan ka yi masa hukunci, daga ƙarshensa zuwa farko, domin magana ta baya takan soke ta farko.

Yaushe magana ta zama yankakkiya

Abu uku ake nema: an faɗi takamaiman abu, wanda ke da ikon rufe maganar ya rufe ta, kuma ba a sake buɗe ta daga baya ba. Ga batun rana kamar yadda ya gudana.

Litinin 8:14 na dare, Shugaba: "A sa walimar Asabar ta sama in Allah ya kai mu."
Litinin 8:20, Hedimasta: "Ranka ya daɗe akwai ɗaurin aure a layin ranar, za a rufe hanya. Lahadi fa?"
Mutum uku suka ce Lahadin ta fi.
Talata 6:50 na safe, Shugaba: "To a bar shi Lahadin."

Wanda ya tsaya a hoton farko zai rubuta Asabar, kuma zai iya nuna saƙon Shugaba a matsayin hujja. Amma Shugaban da kansa ya sauya washegari, a hoto na 5, tsakanin gaisuwar safiya. An yanke: Lahadi. Saura wace Lahadi. Ranar Litinin 6 ga wata, Asabar mai zuwa 11 ce, ta sama kuma 18. Lahadin da Hedimasta ke nufi ita ce mai bin waccan Asabar ɗin, wato 19 ga Janairu. Sai dai ba wanda ya rubuta "19" a hirar, kai ne ka lissafa. To ka rubuta ranar da lambarta, ka kuma nuna cewa lissafinka ne, domin tabbas akwai wanda ya karanta "Lahadin" ya ɗauka ta 12 ce.

Batun gudummawa kuwa kamar an yanke shi, alhali ba a yanke ba. Ma'aji ya ce kowane uba ya ba da naira 5,000 a kan kowane ɗalibi. Shugabar mata, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce ya yi yawa ga masu yara biyu, a mayar 3,000. Mutum huɗu suka danna mata alamar babban yatsa. Shugaba bai ce uffan ba har ƙarshen hotunan. Yatsa huɗu a guruf mai mutum goma sha biyu ba ƙuri'a ba ce, kuma yatsan kansa ba a san ma'anarsa ba: wani yana nufin na goyi baya, wani yana nufin na gani. Haka `Noted` da mutanen Kaduna ke yawan jefawa, da "to", da "madalla". Wannan batu buɗe yake. Kuma ba ƙaramin buɗewa ba, domin ɗalibai 24 a kan 5,000 naira 120,000 ke nan, a kan 3,000 kuma 72,000. Bambancin 48,000 shi zai nuna ko za a iya kama rumfa uku ko biyu. Ga shi kuma ranar Laraba Ma'aji ya rubuta cewa mutum biyu sun riga sun turo dubu biyar biyar. Fara aiki da magana ba ya mayar da ita hukunci, amma yana mayar da ita gaggawa, sai ka ɗora ta a saman jerin abubuwan da ba a warware ba.

Shirun shugaba a wasu kwamitocin yarda ce, a wasu kuma alama ce ta bai ji daɗi ba yana jiran a haɗu bayan Isha'i. Kai ba aikinka ba ne ka fassara shirun. Ka rubuta ra'ayoyin biyu da masu su, ka rubuta wanda ake jira.

Alkawari, inda Hausa ke ɓoye mai aiki

Nan ne ya fi cancanta ka ɓata lokaci. Harshenmu yana da hanya mai laushi ta ba da umarni ba tare da an nuna kowa ba: a nemo, a kawo, a tuntuɓe shi, za a duba. Ladabi ne, amma a takarda yana haifar da aikin da ba shi da uba. Shugaba ya rubuta: "A nemo rumfa uku da kujera 200." An yanke yawan, wannan ya shiga gidan hukunci. Amma wa zai nemo? Duk inda ka ga "a" ko "za a", ka tsaya ka bi saƙonnin ƙasa kana neman wanda ya ce "ni" ko "zan". In babu, aikin ya shiga jeri na musamman: ayyukan da ba wanda ya ɗauka. Wannan jerin, a ganinmu, ya fi duk sauran amfani, domin shi ne abin da 'yan guruf ba sa iya gani da kansu. Kowa ya karanta "a nemo", kowa ya ɗauka wani ne.

A batun rumfar wani matashi a kwamitin ya amsa: "Akwai wanda na sani a Kawo." Wannan labari ne, ba alkawari ba. Can cikin dare ya ƙara: "Zan tambaye shi farashi gobe." Yanzu an samu alkawari, amma ka dubi girmansa: tambayar farashi ce, ba kawo rumfa ba, ba biyan kafin alƙalami ba. Ka rubuta shi daidai girmansa. Sannan ka dubi lokacin: 12:20 na dare, ƙarƙashin `Today`, wato agogo ya riga ya shiga Laraba. Mutumin da bai kwanta ba tukuna in ya ce "gobe" a wannan lokaci, wayewar garin da ke tafe yake nufi, Larabar ke nan, ba Alhamis ba. Tun da an ɗauki hotunan daren Laraba kuma babu farashi a cikinsu, lokacin alkawarin ya riga ya wuce. Ka faɗi hakan ba tare da zargi ba: ba a ga amsa a hotunan ba.

Alkawari cikakke yana da mutum, da aiki, da lokaci. Malamin hadda ya rubuta "Lasifika na wuyana, zan kawo ta ranar tun da hantsi." Wannan ya cika, ba sai an tambaye shi komai ba. Yawanci kuwa lokacin ne ke ɓacewa, sai ka rubuta "bai faɗi rana ba" a maimakon ka ƙirƙiro masa.

"In sha Allah" ba ta rage ƙarfin alkawari kuma ba ta ƙara masa, Musulmi yana faɗinta a kan abin da ya ƙudurta da wanda bai ƙudurta ba. Abin dubawa shi ne aikatau ɗin da ke tare da ita. "Zan kawo in sha Allah" alkawari ne. "In sha Allah za a san yadda za a yi" ba komai ba ne. "Bari mu gani", "zan duba", "ba damuwa", "Allah ya kai mu" idan su kaɗai suka zo a matsayin amsa, mutum bai ɗaure kansa ba, sau da yawa ma hanyar ƙin amsawa ce cikin mutunci. Kada ka kunyata shi da sa sunansa a jerin masu alkawari.

Akwai alkawari mai sharaɗi. Hajiya ta rubuta: "Mu mata mun ɗauki girki, in dai kayan sun iso mana kafin Alhamis." In ka yanke rabin baya ka zalunce ta. Sharaɗin ya tafi tare da alkawarin a layi ɗaya, sannan ka haɗa shi da abin da ka riga ka gano: shinkafar tana Kasuwar Barci ba mai ɗaukowa. Wato girkin gaba ɗaya yana rataye a kan aikin da ba shi da uba. Irin wannan haɗin shi ne dalilin da ya sa aka ba mutum aikin taƙaitawa. Alhamis ɗin ma ka sa mata lamba, 16 ga wata, wadda ke zuwa kafin walimar, ka nuna fahimtarka ce.

Akwai kuma alkawarin da aka miƙa. Ranar Litinin Hedimasta ya ce zai kai takardun shaida wurin mai bugawa. Ranar Laraba ya rubuta: "Ma'aji don Allah ka karɓi maganar takardun nan, tafiya Zariya ta kama ni." Babu amsar Ma'aji a hotunan. Hedimasta ya sauke, Ma'aji bai ɗauka ba, kayan suna ƙasa. Tun da Ma'aji ne ya turo maka hotunan, tambayarsa ba wuya, ƙila sun yi waya. In ya ce ya karɓa, ka rubuta tare da cewa ta baki ya tabbatar maka, ba a hirar ba.

Rubutun waya da ke yaudara

Yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a haruffa kuma suna manne kalmomi. A hoto na 12 Shugaba ya rubuta `kudin kujerun abashi`. Ana iya karanta shi "a ba shi", wato a biya mai kujerun yanzu, ana kuma iya karanta shi "a bashi", wato a karɓo sai bayan walima a biya. Ma'ana biyu masu karo da juna a kan kuɗi. Haka `bata` tana iya zama "ba ta" ko "ɓata". In saƙonnin da ke kewaye ba su warware ba, ka kwafo kalmar yadda take ka sa ta cikin tambayoyi.

Adadi ma haka. "Hamsin" a bakin mai maganar rumfa dubu hamsin ce, a bakin mai ƙirga kujeru guda hamsin ce. Ka rubuta kowane kuɗi cikakke da lambobi. "Daren Juma'a" wani yana nufin daren Alhamis wayewar Juma'a, wani yana nufin bayan Magaribar Juma'ar. Lokutan salla kuwa ka bar su yadda aka faɗa: in an ce bayan La'asar, kada ka mayar da shi ƙarfe huɗu.

Rubuta taƙaitawar

Ta shiga fuskar waya ɗaya ko ɗaya da rabi, in ta wuce haka ba za a karanta ba. Fara da iyakar abin da ka gani, domin a san inda saninka ya tsaya. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

Taƙaitawar hirar kwamitin walima, daga Litinin 6 zuwa daren Laraba 8 ga Janairu 2025, daga hotuna 14. Akwai giɓin minti 45 a daren Talata da saƙo ɗaya da aka goge.

An yanke
Walima ranar Lahadi (Shugaba, Talata 6:50 na safe). A lissafina 19 ga Janairu, a tabbatar.
Rumfa 3, kujera 200 (Shugaba, Talata 7:05 na safe).

Ba a warware ba
Gudummawar iyaye: 5,000 (Ma'aji) ko 3,000 (Hajiya). Ana jiran Shugaba. Mutum biyu sun riga sun biya 5,000.
Kuɗin kujeru: a biya yanzu ko bayan walima?
Ƙarfe nawa za a fara? Ba a ambata ba.

Waɗanda suka ɗauki aiki
Malamin hadda: lasifika, ranar walima da hantsi.
Hajiya da mata: girki, in kaya sun iso kafin Alhamis 16.
Matashin kwamiti: tambayo farashin rumfa a Kawo, Laraba 8. Ba a ga amsa ba tukuna.

Ayyukan da ba mai su
Ɗauko buhun shinkafar da Alhaji ya bayar daga Kasuwar Barci. Girki na jiran wannan.
Kama rumfa da kujeru bayan an ji farashi.
Takardun shaida: Hedimasta ya miƙa wa Ma'aji, ba a ga amsarsa ba.

Ka lura ba a sa wanda ya yi fushi da wanda ya mayar da baƙar magana ba. In an yi cacar baki a kan 5,000 ɗin nan, abin da ya shafi aiki shi ne ra'ayi biyu ne, sauran ya tsaya a guruf. Ka lura kuma da abin da hirar ba ta taɓa ba sam. Lasifika tana son wuta, ba wanda ya ambaci janareta ko mai, ga kuma iskar hunturu da ke son a ɗaure rumfa da kyau a watan Janairu. Kana iya tunatarwa, amma a ƙasa can, da sunanka: "Ƙari daga wurina, ba a hirar ba." In ka cusa shi a tsakiya, gobe wani zai ce ai an yi maganar janareta.

Kafin ka tura

Ɗauki kowane layi ka koma hotonsa ka sa yatsa a kan saƙon. Layin da ka kasa samo masa saƙo, ko dai ka goge shi ko ka mayar da shi tambaya. Sannan ka bi ta ɗaya ɓangaren: ka sake duba hotuna biyu na ƙarshe a hankali, domin gajiya takan sa a karanta su a gurguje, alhali nan ne sauye-sauye ke taruwa, kamar janyewar Hedimasta.

Ka tuna sikirinshot zaɓin mutum ɗaya ne. Ana yanke shi, ana kuma iya goge saƙo a wayar mutum shi kaɗai kafin a ɗauka, ba tare da wata alama ta fito ba. In maganar ta shafi kuɗi ko rikici, ka nemi wani ɗan guruf ɗin na biyu ya duba taƙaitawar da tasa wayar. Kuma kada ka haɗa hotunan da taƙaitawar zuwa ga wanda ba ɗan guruf ba, domin suna ɗauke da lambobin wayar matan aure da lambar asusun banki. In dole ne a nuna hujja, a yanko saƙon da ake bukata kaɗai a rufe lambobin.

Masu alkawari ka fara tura wa kowa layinsa shi kaɗai, musamman manya: "Hajiya, barka da dare. Haka na fahimci maganarki ta girki, daidai ne?" Ya fi mutum ya tsinci sunansa a gaban jama'a an ɗora masa abin da bai ce ba. Shugaba kuma ya ga duka kafin kowa, da tambayoyin da ke jiransa a jere yadda zai iya amsa kowace da kalma ɗaya: 19 ce? Biyar ko uku? Yanzu ko bayan walima?

Bayan ta shiga guruf, a maƙale ta a sama da `Pin`, a zaɓi kwana 7 ko 30 gwargwadon nisan ranar taron, a nan kwana 30 tun da saura kwana goma sha ɗaya. Ka ba da wa'adin gyara, misali zuwa Azahar ɗin gobe. In gyara ya zo bayan minti 15 ɗin `Edit` sun wuce, kada ka bi ta da ƙananan saƙonnin "afuwan, 3,000 ne". Ka sake turo cikakkiya da "Gyara na 2, Alhamis 9 ga Janairu" a kanta, ka cire tsohuwar daga sama ka maƙala sabuwar.